Yadda Ake Fassara "In Sha Allahu", "Masha Allah" da 'Yan Uwansu Ba a Sauya wa Mai Magana Nufi Ba

Yawancin aikin fassarar da ke zuwa hannun matasa a Katsina iri biyu ne. Ko dai a ba ka muryar hirar da wata ƙungiya ta naɗo a ƙauye ka mayar da ita Turanci a rubuce, ko kuma a zaunar da kai tsakanin baƙo da mutanen gari ka yi tafinta. A duka biyun, da wuya a yi minti ɗaya ba ka ji in sha Allahu, masha Allah, wallahi ko alhamdu lillahi ba. Sabon shiga yakan haddace wa kowace ɗaya fassara guda, ya riƙa manna ta duk inda ta fito. Ta haka ne ake mayar da mutumin da ya ɗauki alkawari mai ƙarfi ya koma mai kame-kame a takarda, wanda kuma ya ƙi abu cikin ladabi a rubuta cewa ya amince. Abin da za ka koya a nan shi ne gano aikin da kalmar ta yi a daidai inda aka faɗe ta, sannan ka nemo abin da ke yin wannan aikin a ɗaya harshen.

Kayan aiki

Na farko muryar kanta, da abin saƙawa a kunne mai kyau. Kada ka yarda a ba ka rubutacciyar hira kawai in dai akwai muryar, domin rabin ma'anar waɗannan kalmomi a cikin sauti take: jan murya, shirun da ya biyo baya, dariya ko ajiyar zuciya.

Na biyu littafin rubutu da ka ja wa layi gida huɗu: lokacin da kalmar ta fito a cikin muryar, kalmar da jimlar da take ciki, aikin da ta yi, sai fassarar da ka zaɓa.

Na uku Alƙur'ani mai tarjamar Hausa, kamar ta Shehu Abubakar Gumi, saboda da yawa daga cikin kalmomin nan daga aya aka ɗauko su. Ƙamus ma yana da amfani. Na Bargery, wanda ya fito a 1934, yana sa alama a kan kalmomin da Katsinawa suka keɓanta da su, amma ka sani ƙamus asalin ma'ana zai ba ka, ba zai gaya maka abin da dattijon da ke cikin muryar yake nufi ba.

Na huɗu mutum. Ka samu wani babba da za ka iya kunna wa muryar ka ce, "Baba, a jinka wannan mutumin zai zo kuwa?" Idan daga Larabci kake juyowa, ka nemi wanda ya zauna da Larabawa, kamar waɗanda suka yi karatu a Sudan, Masar ko Madina. Larabcin littafi daban, na bakin kasuwa daban.

1. Ka tambayi wanda zai karanta da kuma inda takardar za ta

Kafin ka taɓa kalma ko ɗaya, ka tambayi mai aikin. Idan masu karatun Musulmi ne da ke jin Turanci, ana iya barin yawancin kalmomin yadda suke. Idan rahoto ne da zai tafi hannun wanda bai san Musulunci ba, sai an fassara. Idan kuwa bayani ne na kotu, ofishin 'yan sanda ko asibiti, dokar ta bambanta gaba ɗaya, za mu zo kanta a mataki na 6.

2. Ka rubuta Hausar tukuna, yadda aka faɗe ta

Kada ka fassara kai tsaye daga kunne zuwa Turanci. Ka rubuta Hausar, ka bar kowace in sha Allahu a wurinta ko da ta fito sau goma, ka kuma sa alamar inda aka yi shiru ko dariya. Ka tsayar da rubutu ɗaya ka bi shi har ƙarshe. Ni ina rubuta "in sha Allahu" a rarrabe, domin a Larabci kalmomi uku ne: in, wato idan, sha'a, wato ya so, sai sunan Allah. Malamai sukan ja kunne a kan haɗe biyun farko a rubutun Larabci, saboda insha'u kalma ce dabam mai nufin ƙirƙirawa.

3. Ka san asalin kowace ɗaya, daidai gwargwado

Ba sai ka zama malami ba, amma akwai ayoyi kaɗan da ya kamata ka sani. A Suratul Kahfi, aya ta 23 da 24, aka hana mutum ya ce zai aikata abu gobe ba tare da ya jingina shi ga nufin Allah ba. Saboda haka Musulmin da ya ce in sha Allahu yana bin umarni ne, faɗinta kawai ba ya nuna yana shakka. A Suratul Fathi, aya ta 27, an ma haɗa ta da alkawari tabbatacce na shiga Masallaci Mai Alfarma. Masha Allah kuwa a aya ta 39 ta Kahfi take, a ƙissar mai gonaki biyu da aka ce masa me ya hana shi faɗinta lokacin da ya shiga gonarsa. Daga nan za ka gane bambancin biyun: in sha Allahu ta abin da bai zo ba ce, masha Allah ta abin da ya riga ya samu ido na ganinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un tana Baƙara, aya ta 156, kuma a kan kowace irin masifa aka faɗe ta, ba mutuwa kaɗai ba.

4. Ka tantance aikin da kalmar ta yi

Nan ne aikin yake, kuma in sha Allahu ce ta fi cin lokaci. Ka duba abu uku: ko akwai aikatau da lokaci a tare da ita, wa ya faɗa wa wa, da abin da ya biyo baya.

Idan mutum ya ce, "In sha Allahu gobe bayan Azahar zan zo," ya ambaci aiki, ya ambaci lokaci, ya kuma sa kansa a ciki da "zan". Wannan alkawari ne. Turancinsa "I will come tomorrow after the midday prayer, God willing." Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne sa "hopefully". Wannan kalmar a kunnen Bature tana nuna mai maganar ba shi da tabbas, alhali mutumin ya yanke magana.

Idan abin ba a hannunsa yake ba, kamar "In sha Allahu za a samu ruwa bana" ko "In sha Allahu za ta warke," fata ne da addu'a. A nan "hopefully" ko "we pray" sun dace, "God willing" ma ta zauna.

Sai ta uku, wadda ke zuwa ita kaɗai. An roƙi mutum abu, ya ɗan yi shiru, ya ce, "To... in sha Allahu," bai ce zan yi ba, bai ambaci rana ba, ya kuma sauya zance. A wurinmu faɗa wa baƙo ko babba "a'a" ƙiri-ƙiri abin kunya ne, sai a fake a nan. Turancin da ya fi kusa shi ne "We'll see." Amma ka yi hattara, kada ka yanke wannan hukunci da shiru kawai, domin wani dattijon haka yanayin maganarsa yake. Ka saurari mintin da ya biyo baya. Idan ya tambayi ƙarfe nawa ko a ina za a haɗu, da gaske yake.

Wani abin lura shi ne, barin kalmar yadda take a Turanci ba ya kuɓutar da kai. Ta shiga ƙamusoshin Turawa da rubutun "inshallah", amma da yawansu da sigar zolaya suka san ta. A muhawarar takarar shugabancin Amurka ta watan Satumban 2020, Joe Biden ya jefa wa Donald Trump ita a kan maganar takardun harajinsa, yana nufin abin da ba za a taɓa gani ba. Wanda irin wannan ya saba ji, in ya ga ka bar ta a bakin manomin da ya yi alkawarin biyan bashi, zai ɗauka zille masa ake yi.

Masha Allah ta fi sauƙi, amma ita ma tana da fuskoki. Idan mace ta karɓi jariri ranar suna ta ce, "Masha Allah, tubarkalla," yabo ne haɗe da tsari daga kambun baka. "What a beautiful baby, God bless him" ya ɗauko duka biyun. Kada ka rubuta "God has willed it", domin a Turanci ya fi kama da jawabin haƙuri a kan wani abin baƙin ciki. Kada kuma ka sa "touch wood", duk da cewa aikinsu ya yi kusa. Camfi ne, kuma mai maganar ba zai yarda a sa masa shi a baki ba. Idan an ba mutum labari mai daɗi ya ce masha Allah, daidai take da madalla, "That's good news" ya isa. Akwai kuma ta gatse, kamar uwar da ɗanta ya shigo gida tsakar dare ta ce, "Masha Allah, sai yanzu?" Wannan "Well, well" ce.

Sauran a taƙaice. Alhamdu lillahi a amsar gaisuwa "Fine, thank God" ce, amma ba shaida ba ce ta cewa lafiya lau ake, marar lafiya a gadon asibiti ma haka zai ce. In an ƙara wa mutum tuwo ya ce alhamdu lillahi, ya ƙoshi ke nan. Bismilla a bakin mai gida tana nufin shigo, zauna ko sa hannu, ka duba abin da ake yi a lokacin. Wallahi tana iya zama rantsuwa ta gaske, tana kuma iya zama ƙarfafa zance kawai kamar "honestly"; Alƙur'ani da kansa, a Ma'ida aya ta 89, ya raba rantsuwar da ta suɓuce a baki da wadda aka ƙulla da niyya. Inna lillahi a kan rasuwa ana kawo ta cikakkiya, "To God we belong and to Him we return," amma wadda aka yi don tukunyar miya ta kife "Oh no!" ce.

5. Ka kula da waɗanda Hausa ta sauya wa wurin zama

Akwai kalmomin da muka aro muka ba su aikin da ba shi ne fitacce a Larabci ba, kuma su ne suka fi jefa mai fassara a rami. Fisabilillahi asalinta "a tafarkin Allah", amma Bakatsinen da ya ce, "Fisabilillahi, haka ya kamata a yi mana?" adalci yake nema. Turancinsa "In all fairness" ko "For God's sake". Ka rubuta "in the path of God" a rahoto, ka ga yadda za a ɗauki talakan da ke kukan taki a matsayin mai wata manufa. Haka Allahu akbar. A bakinmu sau da yawa tausayi ce, ana jan ta a hankali idan an ji labarin maraya ko an tuna mamaci. Fassararta a nan "How sad" ko "Poor man". Idan ka bar ta tsirara, ko ka sa "God is great" a bayan labarin asara, mai karatu zai rikice.

In daga bakin Balarabe kake juyowa zuwa Hausa, matsalar sai ta juya. Bamisire ko mutumin Sham in ya ce "haram alaik", ba fatawa ya bayar ba, "haba, ba ka kyauta ba" yake nufi. "Ya haram" kuwa "Allah sarki" ce. "Wallah?" da sautin tambaya "da gaske?" ce. "Ya'aɗikal afiya" ga mai aiki "sannu da aiki" ce, "alhamdu lillah alas salama" ga wanda ya dawo daga tafiya "sannu da hanya", ga wanda ya tsira daga haɗari kuwa "barka da arziki". In ka ce wa maigidan da ya karɓi baƙo wai baƙon ya ce abin da ya yi haramun ne, ka haɗa faɗan da ba kowa ya nema.

6. Ka zaɓi hanya: bari, fassara, ko sauke

Kowace kalma tana da mafita uku. Ka bar ta yadda take, in masu karatu sun san ta. Ka fassara aikinta, wanda shi ne mafi yawa. Ko ka sauke ta, in ta maimaitu har ta yi wa Turancin nauyi. Dattijon da ya ce wallahi sau shida a amsa ɗaya, in ka rubuta "I swear by God" sau shida, zai fito kamar wanda ake tuhuma yana kare kansa. Ka bar ɗaya ko biyu a inda ya fi dannawa. Sai dai ban yarda a share su duka ba, kamar yadda wasu ke yi wai don rahoto ya yi tsabta. Mutumin da ambaton Allah ba ya barin bakinsa, in ka goge duka, wani mutum dabam ka kai wa mai karatu.

A kotu, caji ofis da ɗakin likita ba a sauke komai, ba a kuma yi wa mutum tafsirin zuciyarsa. In sha Allahu "God willing" ce, wallahi "I swear by God" ce, ko da kana jin kame-kame yake yi. In ka ga za a fahimce shi a karkace, ka nemi izini a fili a sake tambayarsa: "Malam, likita na son ya ji, ranar Talatar za ka dawo ko akwai abin da zai hana ka?" Amsar da ya bayar ita za ka fassara.

7. Misali daga farko har ƙarshe

A ce an ba ka hirar da wani matashi ya yi da dattijo mai noman rani a gefen madatsar ruwa ta Ajiwa, za a sa a rahoton da baƙi za su karanta. Ga Hausar:

"Baba, yaya amfanin bana?"

"To, alhamdu lillahi." Ya yi shiru. "Alhamdu lillahi ala kulli halin."

"Na ga tumatir ɗin can ya yi kyau."

"Masha Allah, na maƙwabcina ne. Nawa tsutsa ta cinye."

"Allahu akbar. To takin da aka ce za a kawo maku fa?"

"An ce in sha Allahu. Tun kafin azumi ake ce mana in sha Allahu. Fisabilillahi, ɗana, haka ya kamata?"

"Bashin da ke kanka fa, Baba, za ka iya biya?"

"In sha Allahu zan biya. Ranar da na saida albasa, wallahi ko kwana ba zai yi ba."

Amsar farko ita ce tarkon. Wanda ya rubuta "Good, thank God" ya juya maganar, domin "ala kulli halin", wato a kowane hali, ana ƙara ta ne idan abin bai yi daɗi ba, ga kuma shirun da ke tsakani. Sai ka rubuta: "Well, we thank God. We thank God whatever comes." Ba ka ce noman ya lalace ba, tunda shi ma bai faɗa ba tukuna, amma mai karatu zai ji akwai damuwa.

Masha Allah da ke amsa ta biyu yabon gonar wani ce daga bakin wanda tasa ta lalace, yana nuna ba ya hassada. "It has, God bless it, but that is my neighbour's." Allahu akbar ɗin matashin jaje ne: "I'm so sorry."

A maganar taki, dattijon yana kwaikwayon bakin jami'ai ne, kuma maimaicin shi ne ƙorafin, saboda haka ba a sauke ko ɗaya: "They said 'God willing'. Since before Ramadan it has been 'God willing'. In all fairness, my son, is that right?" Nan ne kaɗai a hirar da barin "inshallah" ma zai yi aiki, tunda ma'anar jan rai ake so.

Ta ƙarshe kuwa tana da "zan biya", tana da lokaci, wato ranar sayar da albasa, ga rantsuwa a kai. Wannan alkawari ne da ba a sassauta shi: "I will pay, God willing. The day I sell my onions, I swear it will be settled before the night is out." Da an sa "hopefully", wanda ke duba rahoton zai iya jefa shi cikin waɗanda ake shakkar biyansu. Ka lura kalma ɗaya ta fito a amsoshi biyu a jere, a ɗaya tana nufin an yi ta ja masa rai, a ɗayar tana nufin ya ɗaure kansa.

8. Ka gwada ta baya

Ka ba wani mai jin harsunan biyu Turancin kawai, ba tare da ya ji muryar ba, ka yi masa tambayoyi masu amsar e ko a'a: noman ya yi kyau? Mutumin nan zai biya? Yana fushi da jami'ai? Idan amsoshinsa sun yi daidai da na dattijon da ka kunna wa muryar, fassarar ta tsaya. Idan sun saɓa, ka koma gida na uku a littafinka, galibi a wurin tantance aiki aka karkace.

In wani abu ya rasa

Idan babu murya sai rubutu, ka tsaya a kan fassarar da ba ta karkata ba, irin "God willing" da "thank God", ka kuma rubuta wa mai aikin cewa daga rubutu ka yi. Idan rubutun ƙasan bidiyo ne, inda layi ba ya ɗaukar fiye da haruffa 40 da 'yan kai, ka sauke waɗanda suka zo don ƙarfafa zance, tunda mai kallo yana jin su da kunnensa, ka riƙe waɗanda alkawari ko ƙi ya rataya a kansu. Idan kuma tafinta kake yi kai tsaye, ba littafi ba damar maimaita murya, ka roƙi baƙon minti biyu kafin a fara, ka gaya masa cewa mutanen da zai gana da su za su ce "God willing" a kan duk abin da ke gaba, har wanda suka ƙudurta yi, kuma in yana son tabbaci ya tambayi rana da lokaci.